Abu Uku Sun Ishi Fuskarki, Kada Ki Ƙara Na Huɗu Tukuna

"Anti, ban taɓa shafa wa fuskata komai ba sai sabulun wanka. Tana maiƙo, kuma duk ƙurjin da ya fito sai ya bar min baƙin tabo. Ina tsoron in sayi abin da zai ƙara ɓata ni. Daga ina zan fara?"

Kwantar da hankalinki, ƙanwata, wannan tsoron naki shi zai tsare miki fuska da kuɗi. Fara da sabulun fuska na ruwa, mai sauƙi, marar turare. Fatar mutum tana da ɗan tsami-tsami wanda ke kare ta, shi kuwa sabulun wanka na sanda yawancinsa wanke wannan kariya yake yi. Ki jiƙa fuska da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ki murza da tafin hannu kamar rabin minti, ba da soso ba, ki ɗauraye. Safe da dare ya isa. In kin gama kika ji fatar ta ɗame kamar ganga, sabulun ya fi ƙarfinki, ki canza.

Tun fuskar tana da danshi ki shafa mai, gwargwadon abin da kan yatsa zai lakato. Kada ki ce mai maiƙo ba ta buƙata. Ki dai zaɓi marar kauri, mai shiga jiki da wuri, wanda ke ɗauke da gilisarin ko seramayid, sinadarai masu riƙe danshin fata.

Na ukun shi ne man kariya daga rana, da safe, a kan man shafawar. Wannan shi ya fi shafar tabonki, domin rana ƙara duhunta shi take yi. Nemi mai lambar ƙarfin kariya SPF 30 ko sama da haka, wanda aka rubuta yana kare fata daga UVA da UVB, wato nau'i biyu na hasken rana masu cutar da fata. Ki zuba layi biyu, ɗaya a kan manuniya ɗaya a kan ɗan yatsan tsakiya, daga gindi zuwa kai: wannan shi ne na fuska da wuya. In kin rage, kariyar ma ta ragu. Ki shafa minti 15 kafin fita, ki sake duk bayan awa 2 in kina cikin rana ko kin yi gumi.

Kada ki fara duka rana ɗaya. Mako na farko sabulu, na biyu ki ƙara mai, na uku man rana, kowanne ki gwada shi a bayan kunne na wasu kwanaki tukuna. In ƙaiƙayi ko raɗaɗi ya taso, kin san mai laifi. Ki ba su mako 6 kafin ki yanke hukunci, tabo kuwa sai ya ɗauki watanni.

"Ni baƙi ne wuluk, me zan yi da man rana? Na gwada ma, sai na yi fari kamar an bula min toka."

Ɗan'uwa, baƙar fata tana rage ƙunar rana, amma ba ta hana tabo yin duhu. Farin da ka gani daga sinadarin zink ko titaniyam yake. Sayi wanda ba su ne a ciki ba, ko mai ɗan launi. Shi ke nan.

"Wata tana sayar da haɗin da take yi da kanta, ta ce shi kaɗai ya wadatar, a kwana 7 zan ga haske. In saya?"

A'a! Wannan magana ta ishe ni, amma ba zan daina faɗa ba. Babu man kirki da ke haskaka fata a mako guda. Abin da ke yin wannan saurin yawanci maganin siteroyid ne mai ƙarfi, irin su kulobetasol, wanda likita ke rubutawa don cutar fata na ɗan lokaci. Da farko fuska za ta yi sumul, kowa ya yaba. Bayan wasu watanni fatar ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana jajawur a kumatu, nankarwa ta fito. Ranar da kika daina, ƙuraje da zafi su taso, ki koma ki sake saye. Ai dama ribar mai sayarwa ke nan. Wasu haɗin akwai haidirokwinon, wanda in an daɗe ana shafawa yake barin baƙin tabo mai wuyar magani a kan kunci. Wasu har da sinadarin makuri mai lalata ƙoda.

Abin da ke ba ni takaici, mutum zai yi ta ƙorafin tsadar man rana na gaske, amma ya zuba kuɗi a robar da ko suna babu. Duk abin da za ki saya, juya shi ki duba jerin sinadarai, lambar rukuni, ranar lalacewa da sunan kamfani. In ɗaya babu, ko rubutun yana gogewa da yatsa, ko murfin an taɓa buɗe shi, ajiye. Wadda kuma ta riga ta daɗe tana shafa irin wannan haɗi, ta je wurin likitan fata ya tsara mata yadda za ta janye a hankali, ta tafi da robar a hannu ya gani.