Yadda ake cire ƙuraje a hoto ba tare da fata ta koma roba ba

"Salamu alaikum. Sabon shiga ne ni a gyaran hoto. Duk lokacin da na cire ƙuraje a Photoshop sai fuskar ta yi sulɓi kamar ta 'yar tsana. Ina mafita?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ina kyautata zaton Blur kake shafa wa fuskar gaba ɗaya. Shi Blur bai san ƙurji ba, bai san ƙofofin gashi ba, duk tare yake niƙe su, alhali waɗannan 'yan ramukan su ne ke nuna fatar mutum ce. Ƙurji ɗaya-ɗaya ake binsa.

Ka buɗe sabon Layer wanda babu komai a kansa, ka ɗauki Spot Healing Brush, ka zaɓi Content-Aware, ka sa alama a Sample All Layers. Da haka duk gyaran zai zauna a sama, asalin hoton bai taɓu ba. Danna Ctrl+1 hoton ya tsaya a 100%. Girman burushin ya ɗara ƙurjin kaɗan kawai, kuma dangwalawa ake yi, ba ja ba. Idan ka ja shi da faɗi, nan ne dabbare-dabbare ke fitowa.

Mu ɗauki hoton amarya mai ƙuraje a kumatu, da wani guda dab da leɓe. Na kumatun dangwalawa ta ishe su. Na bakin leɓen kuwa, burushin zai iya janyo launin jambaki ya shafa a fata. A nan nakan koma Healing Brush, in sa Sample a kan Current & Below, in riƙe Alt in ɗebo fata mai kyau daga kusa, wadda haskenta ya yi daidai da wurin. Kada ka ɗebo ta goshi ka liƙa a kumatu, ramukansu ba iri ɗaya ba ne. Ka riƙa sauya wurin ɗiba, in ba haka ba zane ɗaya zai yi ta maimaituwa, ido kuma yana saurin kama shi. In launin ya ci gaba da malalowa, ka zagaye fatar da Lasso ka bar leɓen a waje, sannan ka gyara.

Baƙin tabon da ƙurji ke bari, wanda ya fi yawa a fatarmu, nakan ba shi nasa Layer ɗin daban, in rage Opacity har ya dusashe amma bai ɓace ƙurmus ba.

Abin da zai tafi da kansa cikin sati biyu shi kaɗai nake cirewa. Tawadar Allah, tsagar gado, tabon sallah a goshi, ba na taɓa su sai mai hoton ya ce a cire, domin da su 'yan uwansa suka san shi.

In ka gama, ka rage Zoom ka ga fuskar gaba ɗaya, ka riƙa kashe Layer ɗin kana kunnawa. Duk inda ka ga sulɓi ko duhu ya bayyana, ka goge wurin da Eraser ka sake da ƙaramin burushi.