Hukuncin Tara Kuɗin Sauya Inji a Asusun da Ke Ba da Kuɗin Ruwa

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ina da injin casar shinkafa a Kura, makanike ya ce bai wuce shekara biyar ya rage masa ba. Sabo zai kai naira 5,000,000. Wani akanta ya ce in riƙa zuba 819,000 a ƙarshen kowace shekara a asusun da ke ba da kashi 10 cikin ɗari, ragowar kuma bankin ne zai cika. Ga jadawalin da ya tsara mini. Ya halatta?

| Shekara | Zubi | Kuɗin ruwa | Abin da ya taru |
|---|---|---|---|
| 1 | 819,000 | 0 | 819,000 |
| 2 | 819,000 | 81,900 | 1,719,900 |
| 3 | 819,000 | 171,990 | 2,710,890 |
| 4 | 819,000 | 271,089 | 3,800,979 |
| 5 | 819,000 | 380,098 | 5,000,077 |

Amsa: Wa'alaikumus salam. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ware kuɗi duk shekara domin ranar da inji zai mutu halal ne, kuma bai saɓa wa tawakkali ba. Ya inganta cewa Annabi (SAW) yakan ajiye wa iyalinsa abincin shekara. Lissafin akantan ma daidai yake, na bi shi layi-layi.

Matsalar tana sashen kuɗin ruwa na jadawalin. Abin da zai fito daga aljihunka a shekara biyar 4,095,000 ne, ragowar 905,077 ɗin banki zai bayar. Da wace hujja? Kuɗin da aka ajiye bisa sharaɗin banki zai juya su yadda ya so, ya mayar da su cif ko ya ci riba ko ya faɗi, bashi ne a hukuncin shari'a, ko da an kira shi ajiya. Ƙarin da aka shardanta a kan bashi kuwa shi ne ribar da Allah Ya haramta a Suratul Baƙara, aya ta 275. Dubi shekara ta uku: 171,990 ɗin an lissafa shi a kan 1,719,900, wanda a cikinsa akwai ruwan bara. Ruwa ne ke haihuwar ruwa. Don haka shiga wannan asusu bai halatta ba, kuma kyawun manufarka ba ya tsarkake shi.

Mafita mafi sauƙi ita ce ka zuba 1,000,000 duk shekara a asusu marar ruwa. Bambancin 181,000 ne a shekara, wato kusan 15,000 a wata.

In kana son kuɗin su yi aiki, ka sa su a mudaraba, wato haɗin gwiwa tsakanin mai dukiya da mai juya ta, a bankin Musulunci, irin su Ja'iz da ya fara aiki a 2012, ko ka sayi sukuk, wato takardun zuba jari na Musulunci, na Gwamnatin Tarayya, wanda aka fara fitarwa a 2017, inda abin da ake biya kuɗin haya ne. A mudaraba ana yarjejeniya ne a kan kason da kowa zai ɗauka daga ribar da aka samu, ba a kan adadi tsayayye ba, kuma asara tana hawa kan mai dukiya muddin mai juyawa bai yi sakaci ko ha'inci ba. Duk wanda ya lamunce maka uwar kuɗi tare da kashi 10 tabbas, ya kuma kira shi mudaraba, suna kawai ya sauya.

A nan jadawalin yana da amfani, amma a matsayin kintace. Misali, in ribar shekara ta biyu ta zo kashi 6, 49,140 za ka samu maimakon 81,900. Sai ka cike giɓin 32,760 daga aljihunka a shekarar, kada ka bari ya taru.

Abu biyu akantan bai sa ba. Na farko zakka. Injin da kake aiki da shi babu zakka a kansa, amma kuɗin da ake tara masa kuɗi ne, niyyar sayen inji ba ta fitar da su. In ka haɗa su da sauran kuɗinka suka kai nisabi, wato dinari 20, kimanin giram 85 na zinare, shekara ta kewayo, sai ka fitar da kashi 2.5 cikin ɗari. Ka buɗe wa zakka layinta a jadawalin.

Na biyu ba fiƙihu ba ne, sanin kasuwa ne, kuma ka fi ni saninsa. Miliyan biyar farashin yau ne. In aka ƙaddara inji yana tashi da kashi 15 duk shekara, a shekara ta biyar ya haura miliyan goma. Ka riƙa tambayar farashi duk ƙarshen kaka kana gyara zubin.

In kuwa ka riga ka fara, ruwa ya shiga, to ka tuba, ka ɗauki uwar kuɗinka kamar yadda aya ta 279 ta ce. Ƙarin ka ba mabuƙata ko a yi aikin al'umma da shi, da niyyar rabuwa da shi, kuma kada ko kwabo ya shiga kuɗin injin.

Wallahu a'alam.