Injin yanka yana kakkarwa a kan rubutuna: shin rage ɗigo zai ɓata hannun mai zanen?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aikin zane da sitika a Agege. Wani mai nama ya kawo mini kalmar SUYA da yayansa ya rubuta da buroshi a takarda, yana son a yanka ta a sitika, tsayin santimita 40, a manna a gilashin shagonsa. Na ɗauki hoto da waya, na bi da PowerTRACE a CorelDRAW don ya mayar da hoton layukan da inji zai yanka, ɗigon da ke riƙe da layukan ya fito sama da 1,800. Da na kai Shomolu, injin ya rinƙa kakkarwa, gefen haruffan ya fito kamar haƙoran zarto, na yi asarar sitika. Wani ya ce kar in kuskura in rage ɗigon, wai su ne ingancin aikin. Jumma'a zan ba da aiki, ina mafita? Daga wani mai karatu a Agege, Legas.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, aikin yamma ɗaya ne, kuma injin Shomolu bai yi maka laifi ba. Abin da ka ba shi ya yanka. Wuƙar injin a sake take cikin mariƙinta, jan ta ake yi, tana juyawa da kanta duk inda layi ya karkata. Idan gefen harafi ɗaya yana ɗauke da ɗaruruwan ƙananan karkata, dole ta rinƙa waiwaye a kowace, injin yana rage gudu yana ƙarawa. Wannan ita ce kakkarwar da ka ji.

Bari in tsaya a kan maganar wanda ya ba ka shawara, don kullum sai an ji ta a shagunan ɗab'i, daga Mushin har Shomolu, kuma ta cinye wa mutane sitika ba kaɗan ba. Wai yawan ɗigo shi ne inganci. Wannan tunanin hoto ne aka ɗora wa bekta, wato zanen da aka gina da layi da ɗigo. A hoto gaskiya ne, yawan ƙwayoyin hoto yana ƙara tsabta. A bekta kuwa lanƙwasa lissafi ce tsakanin ɗigo biyu da hannayensu, wato 'yan sandunan da ake ja don lanƙwasa layin, kuma tsakanin ɗigon nan biyu layin ba ya iya rawa ko ka faɗaɗa shi ya kai allon talla na bakin titin Ikorodu. Rawa tana shigowa ne a kan ɗigo. Kowane ɗigo mahaɗa ce, kuma kowace mahaɗa wuri ne da layi zai iya karyewa. Zana cikakkiyar da'ira a CorelDRAW, ka danna Ctrl+Q, ka ƙirga: ɗigo 4 ne kacal. Wa zai ce da'irar ta rasa inganci?

To ɗigo 1,800 ɗin nan me suke riƙe da shi? Ba hannun yayan mai nama ba. Suna riƙe da kaushin takarda, da inda tawada ta ɗan malala cikin zaren takardar, da inuwar hannunka lokacin ɗaukar hoto, da dabbare-dabbaren da JPG ke bari a gefen baƙi, musamman in hoton ya bi ta WhatsApp an matse shi. Manhajar ba ta san bambancin niyyar mai zane da hatsarin takarda ba, duk abin da ta gani bi take yi. Yi lissafi: in harafin a takarda santimita 8 ne, kai kuma za ka kai shi 40, ka ninka shi sau 5 ke nan. Ɗan tsagin da bai wuce kashi uku cikin goma na milimita ba, wanda ido ba ya gani a takarda, zai koma milimita ɗaya da rabi a gilashi. Haƙoran zartonka ke nan. Abin haushin ma, masu wannan magana sukan buɗe aikin a gaban kwastoma, su nuna masa ɗigo birjik kamar tururuwa a kan sukari, su ce ga wahalar da aka sha, a ƙara kuɗi. Wahalar me? Danna maɓalli ɗaya ne. Wanda ya sha wahala shi ne wanda ya zauna ya fitar da harafin S da ɗigo 14.

Sai dai kar ka tsallaka ɗaya gefen, ka zaɓi komai ka yi ta danna Reduce Nodes, ko Simplify na Illustrator, har sai adadin ya yi maka daɗi. Waɗannan ma makafi ne. Suna cire ɗigo ba tare da sanin wanne ne kusurwa ba, sai ka ga ƙafafun A sun dulmuye, bakin buroshi ya zama kamar sabulun da ya sha ruwa. Dannawa ɗaya, a hankali, ta wadatar.

Fara da gyara tushen. Nemi sikana ka ɗauki takardar a 600 dpi, da launin toka, ka ajiye ta PNG ko TIFF. Harafi mai santimita 8 zai ba ka ƙwayoyin hoto kusan 1,890 a tsaye, sun isa har da ƙari. In dole sai waya, shimfiɗa takardar a inuwa mai haske, wayar ta yi daidai da ita ba a karkace ba, ka tura hoton ta WhatsApp a matsayin Document don kar a matse shi. Daga nan mayar da shi baƙi da fari zalla kafin komai. In ka bar launin tokan da ke gefen haruffa, PowerTRACE zai yi maka siffofi biyu ko uku a jere kamar ɓawon albasa, wuƙa ta bi wuri ɗaya sau biyu. Duba aikinka na farko a View > Wireframe, zai yi wuya ba ka tarar da haka ba.

Ga haruffa huɗu, shawarata ka bar PowerTRACE gaba ɗaya ka bi da hannu. Gyaran ɗigo 1,800 ya fi zana 50 cin lokaci. Sa hoton a ƙasa, ka rage masa duhu da Transparency, ka kulle shi, ka ɗauki Bézier ko Pen da siririn layi ja.

Ƙa'idar sa ɗigo guda ce: a kusurwa, a inda miƙaƙƙen layi ya fara lanƙwasa, da kuma a ƙololuwar lanƙwasa, wato can sama, can ƙasa, can dama, can hagu. A ƙololuwa hannayen ɗigon su kwanta a kwance sosai ko su tsaya a tsaye sosai. Riƙe Ctrl lokacin jan su zai taimaka maka a CorelDRAW, a Illustrator kuwa Shift ne. Y da A ba su da matsala, in gefensu miƙaƙƙe ne Y ɗigo 9 ne, A kuma 8 a waje da 3 a cikin ramin. U yana cin 10: huɗu a kusurwoyin sama, huɗu a inda ƙafafu suka fara lanƙwasa, biyu a gindi, ciki da waje.

S ne mai ba da wuya. Bakinsa biyu, kowanne kusurwa biyu, huɗu ke nan. Ƙoli ciki da waje, gindi ciki da waje, takwas. Tumbin sama yana da ƙololuwar hagu ciki da waje, tumbin ƙasa yana da ta dama ciki da waje, sha biyu. Saura ƙashin bayansa, inda lanƙwasar ke sauya alkibla. Da farko gwada barin wurin ba ɗigo, hannayen tumbin sama da na ƙasa su ɗauke shi. In ya ƙi bin tawadar, sa ɗigo ɗaya a kowane gefe daidai inda alkiblar ta juya, hannayensa su bi gangaren. Sha huɗu. Kalmar gaba ɗaya 44 ke nan. Da yake buroshi ne, ƙafafun ba za su miƙe kamar an ja da rula ba, kuma bakin haruffan zai ɗan karkace, don haka in ka kai 60 ko 70 ba laifi. In ka wuce 100, kana bin takarda ne.

Tsawon hannaye shi ne inda sababbin hannu ke faɗuwa. Kowace lanƙwasa tsakanin ɗigo biyu tana da hannu biyu, kuma su raba aikin: kowanne ya kai wajen sulusin tsawon lanƙwasar. In ɗaya ya yi dogo ɗaya ya yi guntu, za ka ga kafaɗa a gefe guda da faƙo a ɗaya gefen. Kar hannaye biyu su gitta juna, nan ne ƙulli ke fitowa. Da Shape tool, wato F10, ka tabbata ɗigon lanƙwasa Smooth ne, na kusurwa kuma Cusp. Symmetrical kar ka cika amfani da shi, don yana tilasta hannu biyu su zama tsawo ɗaya, harafin hannu kuwa ba kasafai yake haka ba. Idan lanƙwasa ta ƙi zama, matsar da ɗigon ko ka gyara hannu kafin ka yi tunanin ƙara wani.

Game da tsoronka na ɓata hannun mai zanen, ga yadda za ka bambance. Kaurin da ke ƙaruwa inda ya danna buroshi, siririn wurin da ya ɗaga, karkatar haruffan, yadda wutsiyar Y ta fita, waɗannan nasa ne, ka bar su ko da ba su yi daidai da juna ba. Ɗan ƙuraje da tsagi a gefe na takarda ne. In layinka ya bi tsakiyar ƙurajen, wasu a ciki wasu a waje, ka yi daidai. Haka kuma za ka ga S da gindin U sun ɗan zarce layin da Y da A suka tsaya a kai. Kar ka daidaita su, harafi mai zagaye yakan yi kamar ya fi guntu in bai zarce ba. A santimita 40, zarcewar milimita 4 zuwa 8 daidai ce.

Kafin ka sake hawa mota zuwa Shomolu, ɓoye hoton, ka cika siffofin da baƙi ba layin gefe, ka juya kalmar sama ta koma ƙasa. Ido ya daina karantawa, sai ya fara ganin siffa, kuma duk kafaɗa za ta fito. In haruffa sun hau juna, haɗe su da Weld don kar wuƙa ta yanka cikin mahaɗar. Siraran gashin buroshi da ba su kai milimita 2 ba a girman ƙarshe, ka kaurara su ko ka cire, don ɓallewa za su yi wajen ɓare sitika, waɗanda suka tsira kuma tsumman goge gilashi zai ɗaga su. Sannan ka roƙi mai injin ya yanka S kaɗai a guntun sitika da ya rage, ka tsaya kusa kana saurare. Sauti ɗaya mai tsawo a kowace lanƙwasa za ka ji. In ya yi gyatsa a wani wuri, sa alama a sitikar, ka koma F10 ka duba ɗigon da ke daidai nan.