Tiyata ta matso: sai na faɗa wa likita ina shan maganin ganye?

Tambaya: Salamu alaikum, likita. Saura mako 3 a yi mini tiyatar cire ƙari a mahaifa. Ina shan kafso na tafarnuwa kullum saboda hawan jini, tare da amlodifin da aka rubuta mini. Ina kuma shan garin kurkum da citta, sannan kusan wata 6 ke nan ba na barci sai na sha baleriyan. Ban faɗa a asibiti ba don ina tsoron a yi mini faɗa. Dole ne in faɗa? Wanne zan daina?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba ki lafiya, ya sa a yi a sa'a. Ki faɗa, kuma cikin makon nan, kada ki bari sai ranar da za a kwantar da ke. Ƙungiyar likitocin sa barci ta Amurka tana ba da shawarar a dakatar da magungunan ganye mako 2 kafin tiyata, kuma asibitoci da yawa a kan hakan suke tafiya. Kin ga kina da sararin mako guda cif na ganin likita da tsara yadda za ki daina.

Tafarnuwa ce ta fi tsaya mini a rai, saboda irin aikin da za a yi miki. Cire ƙari daga mahaifa yana cikin tiyatar da aka san ta da zubar jini, kuma mata da yawa suna zuwa ne jininsu ya riga ya yi ƙasa saboda yawan jinin al'ada. A cikin jini akwai wasu ƙananan ƙwayoyi, filatilet, waɗanda su ne ke fara taruwa su manne su toshe inda aka yanka. Tafarnuwa mai yawa tana rage musu wannan mannewar, kuma ana ganin ƙwayar da ta taɓa ba ta komawa daidai, sai dai jiki ya ƙera sabuwa. Filatilet kuwa kwana 7 zuwa 10 take rayuwa. Daga nan aka samo ƙa'idar daina kafson tafarnuwa aƙalla kwana 7 kafin aiki, aka ƙara zuwa mako 2 don a samu natsuwa. Kurkum da citta su ma suna da irin wannan hali idan ana shansu da yawa a matsayin magani, sai dai nasu bai kai ƙarfin hujjar tafarnuwa ba. Ke kuma kin haɗa ukun. Ɗan abin da ake sawa a girki ba shi ake nufi ba, ki ci abincinki yadda kika saba. Kafso da garin da ake sha cokali-cokali su ne abin dakatarwa.

Kada ki ce ai za a gwada jininki, in da matsala za a gani. Gwajin daskarewar jini da aka saba yi kafin tiyata ba ya auna yadda filatilet ke mannewa, ƙidayar jini kuma yawansu kawai take nunawa. Sakamako yana iya fitowa lafiya lau, a shiga aiki a tarar jini yana ta tsatsafowa daga ko'ina. Bakinki ne kaɗai zai sanar da likita. Idan dasashinki yana jini wajen goge baki, ko kina haɓo, ko kina ganin tabon taruwar jini a fata ba tare da kin bige ba, ki haɗa da wannan a bayanin.

Baleriyan kuma, wato maganin tsiro da ake sha don samun barci, dabam take, ita ba a yanke ta dare ɗaya. Tana aiki ne a ƙwaƙwalwa ta hanyar da wasu magungunan sa barci na asibiti suke bi, don haka tana iya ƙara musu nauyi, mutum ya jima bai wartsake ba bayan tiyata. Wanda ya daɗe yana sha kullum kuma, idan ya daina kwatsam, yana iya fama da rashin barci, rawar hannu, bugun zuciya da ruɗewa. In hakan ta zo a kwana na biyu bayan aiki, likitan da bai san tarihin ba zai koma neman ciwon a wani wuri. Abin da ake yi shi ne a riƙa rage ta a hankali cikin mako 1 zuwa 2. Likitan sa barci ne zai tsara miki, gwargwadon yawan da kike sha.

Amlodifin ɗinki kuwa kada ki taɓa shi. Nan ne nake ganin mutane suna yin kuskure mai tsada: a ce su daina ganye, su haɗa da maganin asibiti su ajiye, su zo ranar tiyata jini ya hau har a ɗage aikin. Yawanci ana ci gaba da amlodifin har safiyar ranar, da ɗan kurɓin ruwa. Bayan kin ajiye tafarnuwar ki riƙa auna hawan jininki kina rubutawa, ki tafi da takardar.

Ga masu karatu da suke shan wasu, akwai guda uku da kusan kullum ake dakatarwa. Ginko yana taɓa daskarewar jini, musamman a wajen mai shan asfirin ko wafarin, magungunan da ke hana jini daskarewa. Jinsen yana iya saukar da sukari, abin lura ne ga mai ciwon sukari da zai yi awa 6 ko fiye bai ci abinci ba kafin a sa shi barci. Ganyen Sen Jon, wanda ake sha don damuwa, yana sa hanta ta yi saurin narkar da magunguna da yawa har ƙarfinsu ya ragu, kuma haɗuwarsa da tiramadol tana iya jawo zazzaɓi, kyarma da ruɗewa.

Yadda za ki yi maganar ba wuya. Ki zuba duk abin da kike sha a jaka, da kwalabensa da kwalayensa, ki kai. Suna kawai ba ya isa, domin haɗi ɗaya yakan ƙunshi ganye biyar ko fiye, wani lokaci ma har da maganin asibiti da ba a rubuta a jiki ba. Garin da ba shi da takarda, ki tambayi wanda ya haɗa abin da ke ciki. In ba a sani ba, ki faɗa wa likita haka, ki ajiye shi. Kowanne ki faɗi nawa kike sha, sau nawa a rana, tun yaushe, kuma don me. Sau da yawa za a tambaye ki ne kawai "kina shan wani magani?", to ke ki ƙara da kanki: "Likita, bayan na asibiti akwai na ganye, ga su." Ki faɗa wa likitan tiyata, ki sake faɗa wa likitan sa barci, ki tabbatar an rubuta a fayil.

Batun faɗa kuwa, ko da wani ya ɓata rai, na minti ɗaya ne. Mu da ke tsaye a kan majiyyaci a ɗakin tiyata, wanda ya faɗa mana gaskiya ya sauƙaƙa mana aiki. Ko da ace saura kwana 2 kika tuna, ki faɗa. Ba lallai a ɗage ba, sau tari shiri kawai ake ƙarawa, kamar tanadin jini.

Bayan an sallame ki, kada ki koma kan tafarnuwar sai likita ya ba ki rana. A kwanakin farko ana yawan ba da diklofenak ko ibufurofen don raɗaɗi, wasu kuma ana yi musu allurar hana jini daskarewa a jijiya, kuma duk waɗannan suna ƙara yiwuwar zubar jini idan tafarnuwa ta hau kansu.