Intanet na yankewa duk lokacin da iska ta taso: a duba wayar waje

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Yantala, Yamai, da intanet na faiba a gida. Tun hadarin makon jiya, da iska ta taso sai fitilar LOS ta yi ja, intanet ya ɗauke, can kuma ya dawo da kansa. Akwatin intanet ɗin ne ya lalace?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yi saurin sayen sabon akwati. Jan fitilar LOS na nufin hasken da ke zuwa ta cikin wayar bai iso ba, kuma akwatin da ke zaune a falo bai san ana iska a waje ba. Wayar da ta taso daga falwaya zuwa katangarka ita ce iska ke kaɗawa.

Cikin wayar nan zaren gilashi ne, kaurinsa kusan na gashin kai, haske ne ke bi ta ciki, ba lantarki ba. Idan ya tsinke gaba ɗaya, LOS za ta yi ja ta zauna a haka. Naka kuwa yana tafiya yana dawowa, wato zaren ya tsage ko ya lanƙwashe a wani wuri: iska ta ja shi, haske ya zube, ta lafa, ya koma daidai. Ruwan sama shi kaɗai bai cika damun faiba ba. Tsohuwar wayar tarho ta tagulla ce ke shan ruwa har ka ji ƙara a layi.

Fara da maƙwabta masu kamfani ɗaya da kai. In nasu ma yana ɗaukewa a lokaci guda, matsalar tana can gaba, a akwatin rabawa na kan falwaya ko babbar waya. In kai kaɗai ne, fita da safe ka bi wayarka da ido, daga inda ta shiga bango har falwaya.

Inda na fi samun ɓarna shi ne bakin kwanon rufi da reshen dogon yaro. Zafin watan Afrilu da Mayu yana busar da robar, damina ta zo da guguwa, waya ta yi ta goga jikin kwano har baƙar robar ta yi fari-fari ta sule. Ɓera kuma aikinsa ba ya ɓuya: za ka ga sawun haƙora bibbiyu a jere, roba a tattaune, galibi a kan katanga ko inda waya ta shige silin. Na magina ya fi sauƙin ganewa, domin layi yakan mutu farat ɗaya da rana tsaka, ranar da aka kafa katakon gini ko babbar mota ta shigo lungu da yashi.

Na taɓa zuwa wani gida a Talladje mai irin ciwon naka. Na buɗe shafin akwatin a burauza (adireshin yana kan takardar da aka manna a ƙasansa, a yawancin na Huawei 192.168.100.1 ne), na duba layin Rx Optical Power, wato ƙarfin hasken da ke isowa akwatin. Da iska ta kwanta yana nuna -21 dBm, lafiya lau. Na sa yaron gidan ya ɗan girgiza reshen da wayar ta ratsa, sai ya sauka zuwa -28, fitila ta yi ja. Irin waɗannan akwatuna daga wajen -27 suke fara kasa gani. Ashe ƙugiyar da ke riƙe wayar a bango ce ta fita a hadari, wani mai taimako ya naɗe wayar a jikin ƙusa ya ƙulle, kamar igiyar shanya. Kai ma rubuta lambar nan sau biyu, da iska da babu iska, ka ba ma'aikacin kamfani in ya zo.

Gyaran ba na salatif ba ne, kuma ba na mai gyaran wutar unguwa ba. Sai an yanke wurin da ya lalace an narka bakin zaren biyu da na'urar haɗi, ko a ja sabuwar waya, wanda ni na fi so idan rana ta riga ta cinye robar. Ka roƙe su su ɗaga ta daga bakin kwano, inda ta bi katanga kuma a zura ta cikin bututun roba saboda ɓera.

Kada ka leƙa bakin wayar da ta tsinke, hasken ba ya ganuwa amma yana iya cutar da ido. Idan kuma ka tarar falwaya ta karkace ko ta faɗi, kada ka taɓa kowace waya a wurin, ko da ka tabbata taka ce: wasu wayoyin faiba na da ƙarfe a jiki, kuma tana iya kwanciya kan ta lantarki. Kori yara daga wurin, ka kira kamfanin lantarki NIGELEC tukuna, sannan kamfanin intanet.