Idan kayan da aka sayar suka dawo

"Kawu, a wurin aikinmu idan abokin ciniki ya dawo da kaya sai an cike takardu har biyu, an jira sa hannun manaja. Me zai hana a goge rasidin farko a kwamfuta a buga sabo da adadin da ya rage, a huta?"

Ɗana, na yi murmushi da na karanta saƙonka, amma kalmar gogewa ta tsaya mini a rai, domin a zamanin da muka koyi aikin akawu ko kuskuren alƙalami ba a kankarewa. Layi ɗaya ake ja a kai yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, sannan mutum ya sa hannu a gefe. Babban akawun da ya horar da mu yakan ce kaya da ƙafa biyu suke fita, ƙafar kuɗi da ƙafar haja, kuma da ƙafa biyun za su dawo. Ban fahimci nauyin maganar sosai ba sai ranar wata ƙidayar sito da aka yi a kamfanin sari da na fara aiki a cikinsa.

An sayar wa wani dila katan 100 bashi. Farashin katan 500 ne, amma an yi masa ragin kashi 10 cikin 100, ya koma 450, saboda haka aka rubuta masa bashin 45,000. Mu kuwa kowane katan a 350 ya tsaya mana, wato an fitar da hajar 35,000 daga littafi, riba ta zama 10,000. Bayan 'yan kwanaki sai ya aiko da katan 20 a motar da ta kai wa wani kaya, direba ya sauke su a bakin sito da yamma, mai sito ya tura su lungu, babu wanda ya rubuta komai. Ranar ƙidaya muka tarar da katan 20 fiye da abin da katin sito ya nuna, har wasu suka fara murna wai an samu rara. Babban akawu bai ce uffan ba. Ya sa aka jawo katan ɗin tsakar sito, ya duba lambobin da ke jikinsu, ya aika aka ɗauko littafin bashi, ya ɗora yatsa a kan sunan dilan nan, wanda aka aika wa takardar neman 45,000 ya mayar da ita cikin fushi yana cewa 36,000 ake binsa. Ashe rarar sito da rigimar bashi abu guda ne.

A nan tsaye ya sa aka buɗe katan ɗin ɗaya bayan ɗaya. Aka samu 14 lafiyarsu ƙalau, 6 kuwa ruwa ya taɓa su, kuma da aka bincika sai aka gane tun a motarmu suka jiƙe, don haka babu hujjar ƙin karɓarsu. Mai sito ya rubuta takardar karɓar kaya da adadi da halin da suke ciki, ya sa hannu, kuma sai da ita a hannu aka rubuta takardar rage bashi. Yaron da ke rubutawa ya ɗauko farashin 500, sai tsohon ya dakatar da shi, ya ce a ɗauko rasidin asali, domin abin da aka ɗora wa mutum shi ake sauke masa. Katan 20 a kan 450 ya zama 9,000, aka rage shi daga ciniki, aka rage shi daga bashi, bashin ya tsaya a 36,000. Da an bi 500, da an yi wa dilan kyautar 1,000 ba tare da kowa ya sani ba. Inda aka caji harajin sayarwa a rasidin farko, kasonsa na kayan da suka dawo shi ma yana sauka a takardar, kuma wannan na cikin dalilan da ya sa dole ta ɗauki lambar rasidin da take gyarawa.

Ƙafa ta biyu ita ce wadda na ga mutane sun fi mantawa. Haja ba ta komawa littafi da farashin sayarwa, da kuɗin da ta tsaya mana take komawa. Katan 14 masu kyau a kan 350 sun zama 4,900. Jiƙaƙƙun 6 kuwa aka kimanta cewa bayan ɗawainiyar sayar da su ba za su kawo fiye da 200 kowanne ba, sai aka shigar da su a 1,200 maimakon 2,100, bambancin 900 ya zama asara tun a ranar, aka ware su wuri daban don kada a sake loda wa wani. Ribar cinikin ta gaskiya ta zama 7,100, wato ribar katan 80 da suka zauna a hannun dila, 8,000, a cire 900. Ka lura da abin da zai faru idan aka yi rabin aikin. Da an rage bashi kawai an manta da sito, littafi zai nuna ribar 1,000. Da an mayar da haja kawai an manta da bashi, zai nuna 16,100, kuma a ci gaba da bin mutum kuɗin da ba a binsa. Kowanne daga cikinsu zai iya kwana a littafi wata da watanni, jimilla tana daidaita, ba wanda ya farga.

Batun sa hannun manaja da kake ƙorafi a kai, tsohon nan yakan ce hannun da ke karɓar kuɗi ba ya yafe bashi. Dalilinsa shi ne, idan mai karɓar kuɗi yana da ikon rubuta takardar rage bashi, zai iya karɓar 9,000 daga abokin ciniki ya sa a aljihu, ya rubuta cewa kaya sun dawo, littafin bashi ya fito tsaf. Abin da ke tona wannan shi ne jera takardun rage bashi da takardun karɓar kaya a ƙarshen kowane wata, lamba da lamba. Wadda ba ta da abokiya, sai a nemi bayaninta. Akwai masu halalci, kamar ragin da aka yi wa mutum ya riƙe kaya masu aibi, inda bashi da ciniki ke sauka amma sito bai motsa ba, sai dai ita ma dole a ga dalili a rubuce da sa hannun mai iko.

Abin da ke damuna da yaran yanzu shi ne sauƙin da manhaja ta kawo ya sa ana ganin kamar abin da ba ya kan allo bai taɓa faruwa ba. Rasidin da kake so ka goge, kofinsa yana hannun abokin ciniki, wataƙila ya shiga rahoton watan da aka riga aka rufe, kuma idan ka mayar da shi katan 80, jiƙaƙƙun 6 ɗin nan da dalilin jiƙewarsu sun ɓace daga tarihi. Idan ma mutumin ya riga ya biya duka, takardar za ta mayar da asusunsa ya zama shi ke binku, ko a biya shi ko a cire masa a sayayya ta gaba. Ka duba manhajarku ka ga ko takardar rage bashi tana mayar da haja sito da kanta, domin idan tana yi kuma mai sito ya sake shigarwa da hannu, katan 20 sun zama 40 a littafi. Kayan da aka sayar a ƙarshen shekara suka dawo a farkon sabuwa kuma suna da tasu magana, wadda na fi so mu yi ta da littafinku a gabanmu idan ka zo.