Rajistar suna ko kamfani: wanne ya dace da mai cinikin hatsi na miliyan 40?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da masara da wake a Tudun Hatsi, nan Gombe, ni da yara biyu. Cinikina a shekara yakan kai naira miliyan 40, ribar da ke saura kamar miliyan 5. Ina da rajistar sunan kasuwanci, amma wani abokina ya ce in mayar da shi kamfani mai Ltd, wai ƙaramin kamfani ba ya biyan haraji. In bi shawararsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Abokinka bai yi ƙarya ba, sai dai rabin zancen ya ba ka. Dokar haraji da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026 ta yafe wa ƙaramin kamfani harajin riba, kuma wanda cinikinsa bai wuce miliyan 50 ba, kadarorinsa na dindindin ba su haura miliyan 250 ba, yana cikin waɗanda aka yafe wa. Amma kamfanin aka yafe wa, ba kai ba. Duk kuɗin da ya fito daga asusun kamfani ya shiga aljihunka, haraji na jiransa a bakin ƙofa.

Mu buga lissafi da kuɗinka. A yadda kake yanzu, kai da shagon abu ɗaya ne a idon doka, ribar miliyan 5 kuɗin shigarka ce, kuma hukumar tara kuɗin shiga ta jihar Gombe ce ke karɓar harajinta. Naira 800,000 na farko babu komai a kansu. Miliyan 2.2 da ke biye ana cire kashi 15 cikin ɗari, wato 330,000. Ragowar miliyan 2 ana cire kashi 18, wato 360,000. Jimla naira 690,000 ke nan a shekara, kafin a rage maka rangwamen kuɗin hayar gida in haya kake.

To a ce ka zama kamfani. Kai ne darakta, ka yanka wa kanka albashin 250,000 a wata, miliyan 3 a shekara. Harajin wannan albashi 330,000 ne. Miliyan 2 da suka rage, in ka bar su cikin jari ka ƙara buhuna, ba a taɓa su, ka tsira da 360,000. In kuwa hidimar gida ta sa ka kwashe su a matsayin rabon riba, za a cire kashi 10, wato 200,000, abin da ka biya ya koma 530,000. Rarar da ka samu ke nan 160,000 kacal. Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa kanka ita ce, a gaskiya nawa kake iya bari a cikin jari bayan kuɗin makaranta da azumi da sallah?

Wannan rarar kuma ba kyauta take zuwa ba. Kamfani, ko sisi ba zai biya ba, dole ya kai bayanin harajinsa ga hukumar tarayya, NRS, wadda a da ake kira FIRS, cikin wata shida bayan rufe shekararsa, haɗe da cikakken lissafin shiga da fita da kadara da bashi. Harajin albashinka da na yaranka, in nasu ya kai, ana cire shi duk wata a tura wa jiha kafin 10 ga watan da ke biye ya wuce. Ga kuma bayanin shekara na CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Dokar kamfanoni ta 2020 ta sauƙaƙa wasu abubuwa, mutum ɗaya na iya kafa kamfani, ƙaramin kamfani ba sai ya naɗa sakatare ba, amma littafin lissafi ba ta ɗauke wa kowa ba. Kafin ka yanke shawara, ka je wurin akanta ya faɗa maka kuɗin aikinsa na shekara guda, ka ajiye shi kusa da 160,000 ɗin nan ka gani.

Inda 'yan kasuwa suka fi faɗawa shi ne mantuwa. An ji cewa ba a biyan komai, sai a ɗauka ba a kai komai. Tarar jinkirin kai bayani naira 100,000 ce a watan farko, 50,000 kowane wata bayansa. Jinkirin wata shida ya zama 350,000, kusan duk abin da ka yi murnar tsira da shi. Kuma ko ka daina ciniki, muddin ba ka rufe kamfanin a hukumance ba, wajibin yana nan yana taruwa.

Sai abin da ya fi damuna game da sana'arka musamman. Hatsi a kasuwannin ƙauye ake sayensa, kuɗi hannu, buhu hannu. Ka je Kumo ranar kasuwa ka loda buhu 60, ka biya dillali da masu ɗinki da 'yan dako da direba, ka dawo ba takarda ko ɗaya. A lissafin kamfani, kuɗin da ya fita ba shaida ana iya ƙin karɓarsa a matsayin kuɗin da aka kashe wa kasuwanci, ko a rubuta shi bashi a kanka. Haka in ka zari 300,000 daga asusun kamfani don sunan jariri. Kuɗin ba naka ba ne sai ya bi ɗaya daga hanya uku: albashi, rabon riba, ko rance da aka rubuta. Wanda ya saba aljihunsa da aljihun shago ɗaya ne, wannan ya fi harajin kansa yi masa nauyi.

Kada kuma ka manta da ciniki ake auna ƙaramin kamfani, ba da riba ba. Kai kana kan miliyan 40. Masara ta yi tsada shekara guda, ko ka samu oda babba, ba tare da ribarka ta motsa sosai ba cinikin ya yi sama. Kamfanin da ya fita daga sahun ƙanana yana biyan kashi 30 na ribarsa, da ƙarin kashi 4 na harajin raya ƙasa. A kan miliyan 2 ɗin nan 680,000 ke nan, ka haɗa da 330,000 na albashi, ka haura miliyan ɗaya, alhali mai rajistar suna da riba iri ɗaya yana kan 690,000 ɗinsa. Ciniki mai yawa da riba siririya, irin na hatsi, shi ya fi shiga wannan tarko.

Kamfani yana da ranarsa. In za ka shiga kwangilar kai abinci ga gwamnati ko masana'antar da ba ta hulɗa sai da kamfani, ko wani zai zuba jari yana son hannunsa a rubuce, to ka yi. Kariyar da ake cewa bashin kamfani ba ya cin gidanka gaskiya ce, amma banki yakan sa darakta ya sa hannu ya tsaya wa bashin da kansa, daga nan kariyar ta tafi.

Shawarata, ka tsaya a rajistar sunanka bana. Ka buɗe wa kasuwancin asusun banki nasa daban, ka yanka wa kanka abin ɗauka duk wata kada ka wuce shi. Ka sayi littafin rasit mai kwafi biyu, duk sayen ƙauye a rubuta rana, kasuwa, yawan buhu, farashi da sunan dillali, ya sa hannu ko ya dangwala. Ka kai bayanin kuɗin shigarka ga jiha kafin ƙarshen Maris, na CAC kafin ƙarshen Yuni, ka adana takardun shekara shida. In kaka ta zagayo littafin bai yi giɓi ba, ka ga kana barin miliyan 2 ko fiye a jari, ɗauki littafin ka kai wa akanta ku sake buga wannan lissafi da ainihin cinikin shekarar.